Ɓatanci, saɓo ko ridda: wace kalma za mu sa a takardar?

Ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum. A ajinmu na kwatanta dokokin ƙasashe an ɗora mini rubuta taƙaitaccen bayani da Hausa a kan dokokin da Turawa ke kira na "blasphemy", da yadda ake auna su da ma'aunin 'yancin addini. Na fara da "saɓo", sai na ga kamar bai zauna ba. Malamai, me kuka gani?

Mai fassara a gidan rediyo: Wa'alaikumus salam, Malama. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa "saɓo" aka yi amfani da shi, amma a kunnen yawancin masu sauraro saɓo ya haɗa kowane irin zunubi, har da shan giya da cin amana. Mu a labarai "ɓatanci" muke cewa, kuma ba a taɓa kiranmu an ce ba a gane ba.

Malamin shari'a: Ɓatanci ya yi, amma ki riƙa faɗin abin da kowace doka take karewa, domin a nan kwatancen yake. Sashe na 295-C na kundin laifuffukan Pakistan, wanda aka shigar a 1986, alfarmar sunan Annabi (SAW) yake karewa, ko maganar ta tada hankalin jama'a ko ba ta tada ba, kuma da shi aka yanke wa Asia Bibi hukuncin kisa a 2010 kafin Kotun Ƙoli ta wanke ta a 2018. Sashe na 166 na kundin Jamus kuwa bai kama mutum ba sai in zagin addinin ya kai yadda zai iya dagula zaman lafiyar jama'a, kuma iyakar hukuncinsa ɗaurin shekara 3 ne. Saboda haka zan rubuta "ɓatanci ga abin da addini ya tsarkake" a ta farko, "zagin addini mai barazana ga zaman lafiya" a ta biyu. Doguwa ce, na sani, amma gajeriyar tana ɓoye bambancin.

Wani ɗalibi: Allah gafarta Malam, ai Majalisar Ɗinkin Duniya ta riga ta haramta duk wata doka da ta hana magana a kan addini. Me zai sa mu wahalar da kanmu da rarrabewa?

Malamin shari'a: Ba duka ba. Kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar 'yancin jama'a da siyasa ta 1966 ya bayyana a sharhinsa na 34, a 2011, cewa dokokin ɓatanci ba su dace da yarjejeniyar ba, amma ya keɓe abin da sashe na 20 ya tanada, wato kiran ƙiyayyar addini da ke tunzura mutane su nuna wa wasu wariya ko gaba ko su far musu. Wannan na biyun mutane yake karewa, don haka sunansa "tunzurawa", kada a haɗa shi da ɓatanci. Sannan ƙasashe da dama ba su karɓi fassarar kwamitin ba, kuma a 2018 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ma ta bar hukuncin da Ostiriya ta yanke wa wata mata a kan ɓatanci ga addini.

Wani mazaunin Sudan: Ni dai a ce "ridda" kawai a huta, tunda a fiƙihu wanda ya zagi Annabi ya fita daga addini. Mu nan haka muka san shi.

Ɗalibar digiri na biyu: Baba, ridda kalma ta biyu ce da nake nema wa wuri, amma ba za ta maye gurbin ɓatanci ba, domin ana tuhumar wanda ba Musulmi ba da ɓatanci, kamar Asia Bibi da take Kirista, alhali ridda sai ga wanda ake ɗauka Musulmi ne. Da na yi niyyar sa "sauya addini" duk inda ake maganar 'yanci, in bar "ridda" inda dokar kanta ta kira laifin haka.

Malamin shari'a: Tsarin ya yi, sai dai shari'ar Maryam Yahya Ibrahim za ta ba ki aiki. A watan Mayun 2014 wata kotu a Khartum ta yanke mata hukuncin kisa bisa laifin ridda da sashe na 126 na dokar laifuffukan Sudan ta 1991, bayan ta ba ta kwana 3 ta tuba. Kotun ta ɗauke ta Musulma saboda mahaifinta, ita kuwa ta ce mahaifiyarta Kirista ce ta rene ta, ba ta taɓa barin komai ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta a watan Yuni, an kuma soke sashen a 2020. In kin rubuta ta yi ridda, kin bi bayan kotun farko, in kuma kin ce ta sauya addini, kin faɗi abin da ita ta musanta. Lafazin sashe na 18 na yarjejeniyar ya fi dacewa a nan, domin cewa ya yi mutum na da 'yancin ya riƙe ko ya rungumi addinin da ya zaɓa.

Mai fassara a gidan rediyo: To a kanun labari fa, Malam? "'Yancin riƙo da addini" a kunnena ya yi kama da wa'azin tsayuwa kan ibada. Ni zan tsaya kan "'yancin zaɓen addini", ko da yake ita Maryam za ta iya cewa tashi ta yi a cikinsa, ba zaɓa ta yi ba.