Fili za mu fara saya ko ɗakunan haya za mu gina?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Shekara 3 da aurenmu, muna haya a Kabuga. Mun haɗa miliyan 4, miliyan biyu da rabi na maigidana ne, ɗaya da rabi nawa ne na adashi da sarƙata da na sayar. Shi yana so mu gina ɗaki 3 da banɗaki a kangon da ke bayan gidan babansu a Ɗorayi mu zuba ɗaliban BUK, Baba ya ce ya ba shi wajen. Ni kuma fuloti nake so mu saya ta wajen Jogana ko da ba za mu gina yanzu ba. Wallahi har mun fara samun saɓani a kai.

Maman biyu:
Wa'alaikumussalam. Fili 'yar uwa, fili, kar ma ki tsaya wani dogon tunani. Ƙasa ba ta ruɓewa kuma ba a taɓa faɗuwa a kanta, yau ki saya baɗi ya ninka. Haya kuwa ciwon kai ce kawai.

Ɗan Kurna:
Maman biyu ana faɗuwa fa, ni na faɗi. Awon igiya na saya ƙafa 50 da 50, dillali ya kawo mai gona muka rubuta takarda a gaban shaidu biyu na biya na tafi abina. Bayan shekara biyu na je da tifar yashi na tarar wani har ya kai linta, shi ma da tasa takardar, ashe ƙanin mai gonar ne ya sayar masa don gonar ta gado ce ba a raba ba. Rabin kuɗina na samu shi ma da kyar. In za ku saya ku je wajen mai unguwa da dagaci da ƙafarku, ku tambayi maƙwabtan filin ta kowane ɓangare waye mai shi, in na gado ne duk magada su sa hannu. In kuma an ce awon gwamnati ne ku kai lambar fayil ɗin KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Kano, a duba sunan wa ke ciki kafin ku ba da ko sisi. Kuna biya ku zuba harsashi ku ɗora bulo ko layi uku ne, filin da ba alama shi ake ci.

Baba magini:
'Yata, shekarata sama da 20 ina riƙe da cokalin gini, bari in miki lissafin da shi mai gidan naki ya kamata ya fara yi. Ɗaki ƙafa 12 da 12 yana cin bulo wajen 400 in an haɗa da na harsashi, ɗaki uku da banɗaki ki sa 1,300 tunda wasu bangwayen haɗaka ne. Siminti kuma daga harsashi, ɗora bulo, linta, filasta ciki da waje har daɓe, ba za ki tsira da ƙasa da buhu 80 ba, kin kuwa san tun 2024 da buhu ya taɓa dubu 10 abin bai koma yadda muka saba ba. To ba a zo kan rodi ba, ba katako da kwano, ba ƙofa da taga, ba silin, ba wayarin, ba sokawe, ba kuɗin aiki.

A yadda nake ganin kasuwa miliyan 4 za ta kai ku rufi ne ta tsaya, kuma nan ne mutane ke yaudarar kansu, suna ganin an buga kwano sai su ce an gama alhali abin da ya rage ya kusa rabin kuɗin da aka kashe. Ɗakin da ba filasta ba ƙofa ba wanda zai ba ki naira ɗaya a kansa, damina biyu ta sauka katako ya fara lanƙwashewa. Ki ƙaddara sai miliyan 6 za a sa mukulli. In kowane ɗaki an kama shi dubu 120 a shekara, dubu 360 ke nan, cire la'adar dillali da fenti da kwasar sokawe da watannin da ɗaki zai zauna ba kowa, abin da zai shigo hannu bai wuce 300 ba. Shekara 20 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo. Na san haya tana tashi, amma kayan gyara ma tashi suke. Kuma ɗalibai ne fa, yajin aikin ASUU na 2022 wata 8 aka yi, ki tambayi masu gidaje a Ɗorayi da Ɗanbare yadda suka ji.

Amma duk wannan ba shi ya fi damuna ba. Kalmar "Baba ya ce ya ba shi" ita ta tsaya min a rai. Na gina wa wani yaro ciki da falo biyu a bayan gidansu da irin wannan maganar, ranar da aka zo rabon gado ina wajen aka kira ni in ƙiyasta ginin, yana tsaye riƙe da rasiɗan siminti a leda 'yan uwansa suna cewa su ba su san da wata kyauta ba, aro aka ba shi. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, amma ku yi abin nan yana raye: a auna wajen, a rubuta kyauta ce, 'yan uwan mijinki maza da mata su sani su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, a ja katanga a fitar masa da ƙofarsa daban. In an yi haka to kun samu fili kyauta a cikin gari, wannan ya fi na Jogana nesa ba kusa ba, sai ku gina ɗaki 2 ku gama su tsaf maimakon 3 rabi da rabi. In kuma aka fara cewa haba ai ba sai an rubuta ba, ku ɗauki kuɗinku ku sayi fulotinku.

Ummu Sultan:
Ni dai ban ga dalilin da za ki yarda ki koma gidan surukai ba, zama da dangin miji sai mai haƙuri wallahi. Ki yi zamanki a hayarki.

Mai tambaya:
A'a Anti ba mu za mu koma ba, 'yan haya za a sa. Baba magini na gode sosai Allah ya saka da alheri, su 9 ne a gidan kuma ɗaki biyu ne, iyayensu mata daban, gaskiya ban taɓa kawo wannan a raina ba. To ni kuɗina fa, yaya zan yi da su?

Malamar Islamiyya:
Kuɗinki naki ne a shari'a, aure bai mayar da su na miji ba. Ku zauna ku fayyace tun yanzu, bashi kika ba shi ko tarayya kuka yi. In tarayya ce miliyan ɗaya da rabi cikin 4 kashi 3 ne cikin 8, a rubuta haka da shaidu, sunanki ya fito a takardar ko fili ne ko gini. Sannan maganar Baba magini tana da tushe, a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓe ta ta shiga hannunsa tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa. Akwai kuma batun daidaita 'ya'ya wajen kyauta, wannan ku kai wa malamin da ya san gado ya duba muku, kar a gyara ɗaya a ɓata zumunci.

Abban Ilham:
Ni fa ina bayan mijinki. Duk kuna ta lissafin shekara 20 amma ba wanda ya ce fili a Jogana nawa zai kawo a wata, ko kwabo. Su kuma duk shekara sai sun biya hayar Kabuga. Dubu 200 ɗin ɗaki biyu ko ba komai ta rage musu wannan nauyin, ginin kuma yana nan.

Ɗan Kurna:
Yana nan a filin wa? A fara rubutawa tukuna.

Mai tambaya:
Na nuna masa duk abin da kuka ce, ya yi shiru ya daɗe, ya ce lissafin Baba magini ya yi tsauri shi yana ganin miliyan 5 za ta gama. Amma ya yarda ranar Juma'a in an sauko zai sami babban yayansu da maganar takardar kafin ya je wa Baba da ita. Ni kuma na ce dillalin Jogana ya ƙara mana sati biyu.