Taƙaitawa: Duba rubutun da ke saman bincike kafin ka rubuta naka

1. A tattaunawar da aka yi, an haɗu a kan buɗe sakamako biyar na farko a Google kan batun da za ka rubuta. Jera kanun kowanne a takarda ɗaya, ka ga inda suka yi shiru.

2. Misalin da aka kawo: ajiyar wake. Idan duk sun ambaci buhun PICS mai hana iska shiga, amma babu wanda ya ce a busar da waken sosai, a fitar da iska, a ɗaure ledojin ciki biyu daban-daban, to giɓin ke nan. Manomi kuwa wannan yake nema.

3. Ba kowane giɓi ake cikewa ba. Duba "People also ask", sashen da Google ke jera tambayoyin mutane, ka tabbatar ana tambayarsa.

4. An rabu kan tsawon rubutu. Wasu na son zarce na saman, mafi yawa sun ce tsawo ba ya amsa tambaya.