Neman kalma: idan kamfani ya liƙa sunansa a kan kayan da ba sana'arsa ba

Mai Fassara: Jama'a, ina neman kalma. Kamfani ya yi suna a kaya guda, mutane sun yarda da shi, sai ya ɗauki sunan ya ɗora a kan wani kaya da babu abin da ya haɗa su. Masana talla suna da kalma guda ta wannan. Na rubuta "faɗaɗa tambari", amma bai kwanta mini ba.

Malamin Kasuwanci: Da gaskiyarka, Malam. Tambari zane ne da ake bugawa a jikin kwali. Abin da ake ɗauka a kai wa sabon kayan shi ne yardar da mutane suka yi wa sunan. Duba Bic. An san su da biro, suka fito da laita a 1973, sannan reza a 1975, duk suka karɓu. A ido kayan nan uku ba dangin juna ba ne, amma a zuciyar mai saye abu ɗaya ne: ɗan kayan roba mai araha da ba ya ba da kunya, in ya ƙare a yar. A 1988 suka fito da turare a ƙaramar kwalba mai kama da laita, ana sayar da shi inda ake sayar da biro. Cikin 'yan shekaru aka janye shi daga manyan kasuwanni. Mai sayen turare ƙasaita yake nema, shi kuwa sunan Bic araha yake shelantawa. Abin da ya ɗaga reza shi ya kayar da turare. Ni "aron suna" zan ce.

Ɗan Tireda: Ai wannan jabu ne kawai, a saka sunan wani a kayan da ba nasa ba.

Malamin Kasuwanci: A'a, Alhaji, jabu sata ce. Nan mai sunan ne da kansa ya yi.

Hajiya Mai Talla: To ka ga matsalar "aro" ke nan, Malam, tana sa a ɗauka akwai mutum na biyu. Ga kuma hayar suna, inda wani kamfani ke biyan kuɗi ya buga sunanka a kayansa, kamar yadda Pierre Cardin, shahararren mai tsara tufafi na Faransa, ya ba da ɗaruruwan lasisi har sunan ya hau tarkace iri-iri, darajarsa ta zube a wajen masu sayen tufafin alfarma. In muka ce aro, za a cakuɗa biyun. Na fi son "cin albarkacin suna". Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.

Mai Nazarin Harshe: Ta yi daɗi, Hajiya, sai dai ta nuna riba kaɗai. Ni a ganina dokar a fili take: in kayan sun yi nisa da juna, faɗuwa ce.

Malamin Kasuwanci: Ba kullum ba. Yamaha na ƙera kayan kiɗa, tana ƙera babur tun 1955, kuma babu wanda ya dame. Binciken masana talla Aaker da Keller na 1990 ya nuna cewa cikin abin da mai saye ke dubawa har da ko gwanintar kamfanin za ta iya ƙaura zuwa sabon kayan. Shi ya sa ba a mamakin janaretan Honda, inji ne sana'arsu. Haɗarin kuma hawa biyu ne. Sabon kayan na iya faɗuwa, wannan asarar kuɗi ce, tana da iyaka. Mafi muni shi ne tsohon sunan ya sirke, a daina sanin me yake nufi. Don gudun irin wannan haɗari Toyota ta ba motocinta na alfarma suna daban, Lexus, a 1989.

Hajiya Mai Talla: Kuma ana iya ganewa tun kafin a zuba jari. A raba masu saye gida biyu, a nuna wa rukuni ɗaya kayan da sunan, ɗayan kuma babu suna. In masu ganin sunan ba su fi sha'awar saye ba, sunan bai tsinana komai ba. Daga nan a tambaye su ra'ayinsu kan tsohon kayan, a gwada da na waɗanda ba su ga sabon ba. In ya ragu, an fara sirkewa. Bayan fitowa kuma kada cinikin watannin farko ya ruɗi kowa, suna kan jawo sayen farko. A duba mutum nawa suka dawo saye na biyu.

Mai Fassara: "Sirkewar suna" kam na ɗauka don ɓarnar. Ainihin kalmar ce har yanzu nake tsakanin ta Malam da ta Hajiya, domin "cin albarkacin suna" ta yi wa kanun labari tsawo.

Mai Nazarin Harshe: Gwada "ɗora suna". Gajeriya ce, ba ta yabo ba ta zargi. Sai dai wani zai iya ɗauka raɗin suna ake nufi.