Tunani ya hana ni barci, na rubuta kuma abin ya ƙaru

Maman Hanifa, Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kwanciya sha ɗaya, amma har ƙarfe 2 idona biyu, ina lissafin kuɗin makarantar yara da ɗinkin bikin da ban gama ba. An ce in riƙa rubuta damuwata. Na gwada bisa gado da tocila, sai kaina ya ƙara ɗaukar zafi. Ina na kuskure?

Anti Hadiza: Wa alaikumus salam ƙanwata. Lokacin ne da wurin. Ki dawo da shi bayan Magariba, aƙalla awa 2 kafin kwanciya, kuma a tsakar gida bisa tabarma. Gado na barci ne, in kin saba masa da lissafi, da kin hau shi lissafin zai taso.

Ki ja layi tsakiyar takarda. Hagu damuwar, dama matakin farko da za ki iya ɗauka gobe. Misali, hagu: kuɗin makaranta, naira 45,000. A dama kar ki rubuta "in nemo kuɗi", wannan damuwar ce kika maimaita. Rubuta "bayan Azahar in kira uwar adashe, ko za ta ba ni kwasar wannan wata". Ɗinki kuma: "in yanka atamfa biyu kafin ƙarfe 10". Zuciya tana ta tuna miki ne don kar ki manta, in ta ga an sa wa abu lokaci sai ta sassauta. Minti 15 ya isa, ki rufe littafin ki bar shi falo. In tunanin ya dawo cikin dare, ki ce masa an rubuta, sai gobe. Alamar kin kauce ita ce hagu ya cika shafi, dama ba komai.

Malam Bello, Runjin Sambo: Hajiya, ki riƙe azkar ɗin kwanciya, ki bar shayi da goro bayan La'asar. Ni dai ban ga amfanin tono damuwa a takarda ba.

Anti Hadiza: Malam, batun shayi gaskiyarka ne, kuma rubutun bai hana azkar. Abin da ba ya hannunta, kamar ciwon mahaifiya, a dama addu'a za ta rubuta, da ranar zuwa dubiya.

Ummu Sadik: Ni a waya nake rubutawa in na kwanta, ai duk ɗaya ne ko?

Maman Hanifa: Yaya, ai kwanciyar ce aka hana. Anti, in na yi mako biyu ban ga sauyi ba fa?

Anti Hadiza: Ki ci gaba. Amma in rashin barcin ya kai dare 3 a mako har wata 3, ko kin daina jin daɗin komai, ko gabanki na yawan faɗuwa, ki ga likita. Takarda ba ta isa nan ba.

Inna Balki: Ni ya yi mini aiki, sai dai ƙanwar maigida ta tsinci littafin a falo ta karanta bashin da ake bina, har yau ba mu daidaita ba. A ina kuke ɓoye naku?