Neman kalma: me za mu kira “aksesibiliti” a takardar gayyatar taro?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta takardar gayyatar taron ƙungiyarmu ne da Hausa, ta Turancin akwai layi ɗaya a ƙasa da ke cewa wanda yake da buƙatar aksesibiliti ya sanar kafin ranar, wato kamar tafinta ko zauren da ba matakala. Na sa “buƙata ta musamman” sai amsoshin suka fara shigowa, wani ya ce kuɗin mota, wata ta ce ita ba ta cin yaji, wanda aka yi layin dominsu kuma shiru. Don Allah wace kalma ce za ta fitar da ma'anar?

Baban Khalifa: Wa alaikumussalam. Hajiya ai mai sauƙi ne, ki sa “sauƙin shiga”. Tushen kalmar ai shiga ne, a samu a shiga wuri ba wahala.

Mai Keke: Baban Khalifa ka kama rabi. Ni keken guragu nake hawa, kuma shiga ba ita ce ƙarshen magana ba. An taɓa gayyata ta wani taro, ƙofar waje lafiya lau na shige, ashe zauren yana hawa na biyu lif kuma ba wuta, samari huɗu suka ɗauke ni da keken gaba ɗaya mutane na kallo, ban ɗaki kuma ƙofarsa ko keken ba ya wucewa, haka na ƙi shan ruwa har aka tashi. Toh na shiga ai, amma wannan halarta ce? Kuma kurma shi ƙofa ba ta dame shi ba, da ƙafarsa zai shiga ya zauna har a tashi bai san me aka ce ba.

Ɗan Zinder: Ni a fahimtata link ɗin Zoom ake nufi ko? wanda ba zai iya zuwa ba a tura masa ya shiga daga gida

Maman Hanif: A'a malam, taron ido da ido ne. Mutumin zai zo, tambayar ita ce me za mu shirya kafin ya iso.

Anti Tafinta: Yauwa Maman Hanif, kin faɗi kalmar da bakinki, shiri, ko ma tanadi. Aikina ke nan tafintar kurame, kuma abin da nake gani kullum shi ne laifin ba na kalma ɗaya ba ne, an bar layin ne ba misali. “Buƙata ta musamman” suna ne da ake kiran mutane da shi a rediyo, masu buƙata ta musamman, amma in kika cire “masu” ɗin kika ajiye ta a fom kowa ma yana da tasa. Ni da zan sa kan layin tanadin halarta, sannan a jera misalai a ƙasa. Tanadi nauyin mai taro ne, shi zai yi kafin baƙo ya zo, kamar yadda ake tanadin kujeru da lasifika.

Baban Khalifa: To me ya hana “taimako”? Idan kana buƙatar taimako ka sanar. Kowa zai gane.

Mai Keke: Don Allah ban da taimako. Da an ce taimako sai a aiko maka ƙarti su ɗaga ka, ko a miƙo maka ambulan a bakin ƙofa. Haƙƙi ne fa, dokar hana nuna wariya ga nakasassu ta 2018 wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Tanadi ya fi min, ba ya sa ni jin kamar bara na zo.

Anti Tafinta: Kuma ko “tafinta” kaɗai bai isa ba, wannan ne wurin da aka fi yin kuskure. Tafinta a Hausa mai juya Turanci zuwa Hausa ne a kotu ko gaban likita, sai ki rubuta tafintan maganar hannu. Sannan ki tambaya wacce, domin biyu ne a nan. Akwai maganar hannu ta gida wadda kuramen Kano da kewaye suka tashi da ita, akwai kuma ta makaranta wadda ta samo asali daga ta Amurka, wani malamin kurame Ba'amurke, Andrew Foster, ne ya kawo ta Najeriya wajajen 1960. Dattijon da bai yi boko ba in kika kawo masa mai ta makaranta zalla zai yi ta gyaɗa kai ne don kunya, in kika ga ana tambaya yana kallon na kusa da shi kafin ya ɗaga hannu to saƙon bai isa ba. Taron da ya wuce awa ɗaya kuma mutum biyu ake ɗauka suna karɓar juna duk minti 20 zuwa 30, hannu da ƙwaƙwalwa suna gajiya. Shi ya sa dole ki sa ranar rufe amsa, ba a samun tafinta da safiyar taro.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri Anti. Ga abin da na haɗa ku duba min:

“Tanadin halarta: muna so kowa ya shiga, ya ji, ya kuma yi magana a taron nan. Idan akwai abin da za mu tanadar maka ko miki, kamar tafintan maganar hannu, zaure da ban ɗakin da keke ke shiga, takardu da manyan baƙaƙe ko rubutun makafi, ko kujerar ɗan rakiya, a sanar da mu mako biyu kafin ranar, ta kira ko ta saƙo.”

Mai Keke: Ya yi kyau Hajiya. Ki ƙara faɗin yadda wurin yake tun a gayyatar, zauren a ƙasa yake ko a sama, matakala nawa ne a ƙofa, sai mutum ya san me zai nema. Kuma kar a tambayi ciwon mutum. Ni amsata ba ta wuce haka: “Zan halarta in sha Allah. Da keke nake zuwa, ina buƙatar hanya ba matakala daga wurin ajiye mota har cikin zaure, ƙofa mai faɗin santimita 90, da gurbi a cikin sahu ba a bayan ƙofa ba.” In sun ce akwai ram, wato shimfiɗar da keke ke bi a maimakon matakala, ki je ki gani da idonki, ƙa'ida tashin santimita 10 yana son tsawon santimita 120, da yawa siminti kawai ake shafawa a kan matakala ya miƙe tsaye, ba mai iya hawa shi kaɗai.

Baban Khalifa: Na yarda da tanadi, amma “tanadin halarta” ya yi min kamar Hausar ofis, ni da “abin da za a tanadar maka” kawai zan sa. Shi ram ɗin kuma ai gangara ne.

Mai Keke: Gangara ga mai sauka, ni da zan hau tudu ne. Mu dai “hanyar keke” muke cewa a tsakaninmu, magina kuma ram suka sani.

Ɗan Zinder: Toh yanzu na gane. Amma hanyar keke a wajenmu za a ɗauka ta masu keken hawa ce a bakin titi

Maman Hanif: Zan tura da “tanadin halarta” a kai da misalan a ƙasa, na ƙara layin da ke cewa zauren a ƙasa yake da matakala biyu a ƙofar gaba. Na ram ɗin na rubuta “hanyar keken guragu ba matakala” kafin a samu wadda ta fi. Anti gobe zan kira ki kan maganar tafinta biyun, akwai dattijo ɗaya a cikin waɗanda muka gayyata, zan fara tambayar ɗansa wacce yake yi.