Na ja layi a maƙala gaba ɗaya, na rasa inda da'awar take

Ɗalibar tarihi: Salamu alaikum. An ba mu maƙalar Abdullahi Smith ta 1970 kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, a fitar da babbar da'awa daban, hujjoji daban. Komai na karanta sai in ga muhimmi ne. Ta ina zan fara?

Malam na Gwale: Wa alaikumus salam. 'Yata, ɗauki marubucin a matsayin mai ƙara a gaban alƙali: abin da yake nema ɗaya ne, shaidunsa ne suke da yawa. Karanta shafuka biyun farko da biyun ƙarshe tukuna, ki rubuta jimla ɗaya da wani zai iya cewa "ban yarda ba". "Kafuwar dauloli a ƙasar Hausa" maudu'i ne, ba mai musa shi. Amma "sarauta ta tsiro ne a hankali daga cikin al'ummar Hausawa, ba baƙin da suka zo da yaƙi ne suka dasa ta ba", wannan da'awa ce.

Sai ki bi sakin layi ɗaya-ɗaya, ki rufe shi da hannu, ki tambayi kanki: in an cire wannan, maƙalar ta rushe ko ta raunana kawai? Ɗauki batun Dala. Dutse ne da ake girmamawa, ga ƙasar noma, ga tama, sai mutane suka taru. Cire Dala, maganar tana tsaye da sauran birane, ashe hujja ce.

Yaya daga Fagge: Ƙanwata, abin da marubuci ya fi ɓata wa shafuka shi ne da'awarsa. Ƙirga kawai.

Malam na Gwale: A nan ake zamewa. Hujja ce ke cin shafuka, da'awa kan ƙare a layi biyu. Kuma marubuci yakan zauna ya zayyana ra'ayin da zai rusa. Ɗalibi ya ga sunan Bayajidda yana ta maimaituwa, sai ya rubuta cewa Smith ya ce Bayajidda ne ya kafa daulolin, alhali fassarar da yake ƙalubalanta ke nan. Kowane sakin layi, rubuta a gefe: "nasa" ko "na waɗanda yake musu da su".

Baba na Kurawa: Ni dai abin da na sani, Bagauda ya zo Kano a 999.

Malama daga Kabuga: Baba, Allah ya ƙara girma, wannan shekarar lissafin Bature Palmer ne a fassarar Tarihin Kano da ya yi a 1908, kuma ba ita ake tambaya ba. Malam, inda ban gamsu da gwajinka ba shi ne matakan da Smith ya ce al'umma ta bi: ƙauye, gari, birni. Cire su, maƙalar ta faɗi, amma su ma suna jiran hujja. Ni ƙaramar da'awa nake ce musu, in ba su gurbi na uku a tsakiya.

Ɗalibar tarihi: Malama, gurbi biyu kawai aka ba mu a takardar. Ina zan sa su?

Malama daga Kabuga: Ƙarƙashin da'awa, ki shigar da layin ciki kaɗan. Malam ƙila ya ce hujja ce.