Muhawara: “wataƙila” nawa ya kamata a bari a babin tattauna sakamako?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin digiri na biyu kan gidan sauro da maleriya a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Mun bi gida-gida sau ɗaya da damina, muka tambayi uwa ko yaro ya kwana a gidan sauro daren jiya, sannan muka yi masa gwajin jini na gaggawa. Malamin da ke duba aikina ya ja jan biro ƙarƙashin wannan jimla: “Sakamakon na iya nuna alamar cewa wataƙila kwana a gidan sauro zai iya kasancewa yana da wata alaƙa da raguwar maleriya.” Ya ce kame-kame ya yi yawa. Wani abokin karatuna kuma ya ce in goge duk wani “wataƙila”, wai mai bincike na gaske ba ya shakka. Shin haka ne?

Abokin karatu: Wa alaikumus salam. Ni ne na faɗa, kuma ina kan bakana. Wa ke musun cewa gidan sauro yana kare yara? An gwada a Gambiya, an gwada a Navrongo ta ƙasar Gana, kuma bitar Cochrane ta 2018, wadda ta tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama, ta nuna gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara da kusan kashi 17 cikin ɗari. Ki rubuta “gidan sauro ya rage maleriya a yankin” ki wuce. Abin da duniya ta riga ta sani ba a yi masa rarrafe.

Dakta: Ɗan'uwa, rabin maganarka daidai ne. Waɗancan gwaje-gwaje da ka ambata ƙuri'a aka jefa: wasu garuruwa aka ba su gidan sauro mai magani, wasu ba a ba su ba, sannan aka bi yaran tsawon lokaci. Shi ya ba su damar cewa “ya rage”. Ita kuwa ziyara ɗaya ta kai, kuma ba ita ta zaɓi wanda zai kwana a gidan sauro ba, iyaye ne suka zaɓa. Tana iya kawo aikinsu ta ce su sun tabbatar. Abin da ba za ta yi ba shi ne ta ari ƙarfin hujjarsu ta ɗora wa nata alƙaluman.

Malama, mu koma kan jimlarki. Ki ƙirga: “na iya”, “alamar”, “wataƙila”, “zai iya kasancewa”, “wata alaƙa”. Shakka biyar ke nan kan magana ɗaya, kuma ba ɗaya a ciki da ta gaya mini abin da kike tsoro. Gwajin jinin ne ba ki yarda da shi ba? Yaran ne suka yi kaɗan? Ko amsar iyaye? Mai karatu ba zai sani ba.

Abin da ya faru shi ne kin cusa maganganu uku cikin jimla guda. Ta farko, abin da kika ƙirga. Tun da ba ki ba mu alƙaluma ba, bari in ƙaddara: a ce yara 400 ne, 250 sun kwana a gidan sauro, 50 daga cikinsu gwaji ya nuna maleriya. Sauran 150 ba su kwana a ciki ba, 54 suka nuna. Wato kashi 20 da kashi 36. Wannan ba ya buƙatar “wataƙila” ko ɗaya, domin da hannunki kika ƙirga. Ki rubuta: “Yaran da aka ce sun kwana a gidan sauro sun fi ƙarancin maleriya: kashi 20 cikin ɗari, sauran kuwa kashi 36.” Ki lura da “aka ce”. Ba kame-kame ba ne, gaskiyar yadda kika samo bayanin ce.

Ta biyu, fassarar abin: shin gidan sauron ne ya jawo bambancin? A nan shakka take da gurbi, amma sau ɗaya, kuma da sunanta. Misali: “Wannan ya dace da abin da gwaje-gwajen ƙuri'a suka nuna, amma bincikenmu shi kaɗai ba zai tabbatar da cewa gidan sauro ne sanadi ba, domin gidajen da ke amfani da shi suna iya zama waɗanda suka fi hali, masu waya a taga da kuɗin zuwa asibiti.” Ta uku kuma, har ina maganar ta kai: ƙaramar hukuma ɗaya, damina ɗaya. Ki faɗi hakan kai tsaye a jimla guda.

Wani ɗalibi: Ni a ganina abu mafi sauƙi ta cire sashen gazawar bincike gaba ɗaya. Kana tona wa kanka asiri ne kawai, mai jarrabawa na waje ya samu abin kamawa. Babin ma zai ragu da shafi biyu.

Malamar jinya: A'a ƙanena, ba wannan ta tambaya ba, kuma don Allah kada ta yi haka. Bari in ba ku nawa. Ranar da na kare kundina, kusan kowace jimla ta babin nan tana da “mai yiwuwa”. Mai jarrabawa ya rufe kundin, ya cire tabarau, ya dube ni ya ce: “'Yata, shekara biyu kina wannan aiki. Gaya mini abu ɗaya da kika gano.” Wallahi na san amsar, tana nan a jadawali na huɗu, amma babu inda na rubuta ta a fili. Bayan na faɗa da baki sai ya tambaye ni me zai iya sa amsar ta zama kuskure. Nan ma na sani: rajistar asibiti na yi amfani da ita, wadda ba ta ɗauke da matan da suka haihu a gida. Wannan ma ban rubuta ba, sai na ce “ƙarancin lokaci da kuɗi”. Gyara biyu ya ba ni: in faɗi abin da na gano, in faɗi ainihin raunin. Da na cire sashen gazawa, da gyaran ya fi haka muni.

Dakta: Madalla, Hajiya. “Ƙarancin lokaci da kuɗi” ba ya gaya wa mai karatu komai, kowane kundi yana iya faɗin haka. Rauni mai amfani shi ne wanda aka faɗi ɓangaren da yake karkatar da sakamako. Malama, ga naki. Uwa ta ga ma'aikaciyar lafiya a ƙofar ɗaki, za ta iya cewa yaro ya kwana a gidan sauro ko da yana cikin ledarsa a saman sif. Idan hakan ya faru ba tare da la'akari da ko yaron yana da maleriya ba, yaran da ba su da kariya sun shiga rukunin masu kariya, don haka bambancin da kika gani yawanci zai yi ƙasa da na gaske. Haka kuma gidajen da ke bakin fadama, inda sauro ya fi yawa, suna iya fin kowa ɗaura gidan sauro, wannan ma yana danne bambancin. Amma arzikin gida yana tura shi ɗaya ɓangaren, yana kumbura shi. Ga kuma maganin rigakafin damina da ake raba wa yara wata-wata: uwar da ta kula da gidan sauro ba mamaki ita ce ta kula yaro ya shanye maganin. In kin tambayi wannan, ki saka shi a lissafi. In ba ki tambaya ba, ki ce ba ki tambaya ba.

Mai tambaya: Na gode Dakta. Ban tambayi maganin damina ba, sai yanzu na ga girman abin. Amma akwai wani wurin da ya fi damuna. Ilimin uwa: 'ya'yan waɗanda suka yi sakandare sun ɗan fi ƙarancin maleriya, sai dai ƙimar p, wato ma'aunin da ake duba ko sa'a kawai za ta iya haifar da irin wannan bambanci, ta fito 0.09. Na rubuta “akwai alamar karkata zuwa ga alaƙa”. Shi ma an ja masa layi.

Abokin karatu: Wannan ai mai sauƙi ne. Ya wuce layin 0.05 da aka saba yanke hukunci da shi, babu alaƙa. Ki rubuta haka.

Dakta: Nan ne cire shakka yake zama ƙarya. “Ban samu hujjar alaƙa ba” daban, “babu alaƙa” daban. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana gargaɗi kan yanke hukunci da wannan layi na 0.05 kaɗai. Ku dubi gwajin RECOVERY na Birtaniya a 2020, kan maganin dexamethasone ga masu korona. Cikin waɗanda ke kan na'urar numfashi, kashi 29.3 suka mutu a rukunin maganin, kashi 41.4 a ɗaya rukunin. Marubutan suka ce maganin ya rage mutuwa, ba su yi kwana-kwana ba. Cikin waɗanda ba sa buƙatar iskar oksijin kuwa, kashi 17.8 ne da kashi 14.0, wato rukunin maganin ne ya fi mutuwa, amma iyakokin ƙiyasin sun haɗa da yiwuwar babu bambanci. Ba su ce yana kisa ba, ba su kuma ce ba ya cutarwa ba. Sun ce ba a ga amfani ba a wannan rukuni, kuma sakamakon bai kore yiwuwar cutarwa ba. Takarda ɗaya, murya biyu, kowace daidai da nauyin hujjarta.

Ke ma ki ba da ƙiyasin da iyakokinsa na ƙasa da na sama, sannan ki ce: “Alƙalumanmu ba su isa su raba tsakanin rashin tasiri da tasiri matsakaici ba.” Ki tabbata iyakokin naki sun nuna hakan kafin ki rubuta.

Malamin harshe: Dakta, da izininka, ban yarda da duka ba. Ba kowane “wataƙila” ne yake auna hujja ba, wani na ladabi ne. Ɗaliba tana rubutu ne gaban manya, kuma idan sakamakonta ya saɓa wa na wani farfesa da zai zauna a teburin jarrabawa, tausasa harshe ba tsoro ba ne, sanin ya-kamata ne. A fanninmu ma, inda fassarar nassi ake yi ba ƙirga ba, wanda ya ce “wannan ya nuna” ana yi masa kallon mai gaggawa.

Dakta: Na yarda fanni ya bambanta, Malam, kuma ban ce ta yi wa kowa tsaurin ido ba. Tana iya cewa “sakamakonmu ya bambanta da nasu, mai yiwuwa saboda su da rani suka yi nasu”. Ladabi ya samu, dalili ya samu. Abin da nake ƙi shi ne ladabin ya hau kan alƙaluman, har jami'in lafiya na ƙaramar hukuma ya karanta ya kasa gane ko 20 da 36 abin dubawa ne.

Malamin harshe: To, amma jami'in ba shi zai sa hannu a kundin ba. Ni dai da ɗalibata ce, zan bar mata tausasawa ɗaya a wurin da ta saɓa wa magabata, ko da hujjarta ta fi tasu ƙarfi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na raba jimlar gida uku, “wataƙila” ɗaya ya rage, a wurin arzikin gida. Na ƙara sakin layi kan maganin damina. Batun saɓa wa magabata kuwa yana nan a shafi na gaba, domin ɗaya daga cikin ayyukan da sakamakona ya saɓa wa na malamin da ke duba ni ne. Zan kai masa ranar Litinin in ji abin da zai ce.